Kwamfutar aiki tana ɗaukar zafi tana mutuwa a tsakiyar taro: me zan rubuta wa masu gyara?

Rabi: Salamu alaikum jama'a. Ina neman taimako. Tun farkon Afrilu kwamfutar da kamfani ya ba ni take ba ni wahala a nan Garwa. Da mun shiga taron bidiyo na ƙarfe biyu sai ta ɗau zafi, fankar cikinta ta yi ta gurnani, can sai ta mutu murus. Sau huɗu ke nan cikin mako biyu, na ƙarshen ma ina cikin karanta wa shugabanni lissafin wata. Masu kula da kwamfutocinmu suna Duwala, ta imel kaɗai ake samunsu. Na rubuta musu, amsar da na samu ita ce in kashe in kunna, in kuma sabunta manhaja. Na yi, jiya ta sake. Yaya zan rubuta saƙon da za su gane abin da gaske ne?

Malam Sali: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ɗauko mana abin da kika rubuta musu, kamar yadda yake.

Rabi: Da Faransanci na yi, ma'anarsa ke nan: "Kwamfutata tana zafi sosai kuma tana kashe kanta. Don Allah a taimaka da gaggawa."

Baba Ali: 'Yata, ai wannan matsalar layi ce. Mu a Kusiri kullum haka muke fama, ana cikin magana hoto ya tsaya cik, kira ya yanke. Ki canza layi ko ki koma kusa da taga.

Rabi: A'a Baba, ba kiran ne ke yankewa ba. Kwamfutar ce gaba ɗaya ke mutuwa, allo ya yi baƙi, ko ɗan hasken madannin kunnawa babu.

Baba Ali: To, ban fahimta ba da farko. Allah ya kawo sauƙi.

Malam Sali: Kin ga abin da ya faru da Baba yanzu? Shi ne ya faru da mutumin Duwala. Ba laifinsa ba ne sosai. Shekara goma sha ɗaya na yi a irin kujerarsa, kuma kalmar "tana kashe kanta" mun ji ta daga bakin wanda kiransa ya yanke, da wanda allonsa ya yi shuɗi, da wanda kwamfutarsa ta shiga barci don batir ya ƙare, da wadda ta sake kunna kanta saboda sabuntawa. Kowanne maganinsa daban. Idan saƙo bai nuna wanne ba ne, mai amsa zai ba ki mafi arhar magani, wato kashe ki kunna, ya rufe tikitin, wato takardar ƙorafinki.

Abin da kika gaya wa Baba a jimla ɗaya ya fi duk saƙonki na farko amfani: allo baƙi, ba haske, ba wani rubutu kafin nan. Ki ƙara mini abu uku. Minti nawa take yi a cikin taro kafin ta mutu? Tana jikin caja ko a batir? In kin danna madannin nan take, tana tashi?

Rabi: Ban taɓa duba agogo ba, amma kamar minti ashirin da wani abu. Caja kuwa wani lokaci tana jiki, wani lokaci an ɗauke wuta. In na danna nan take ba ta tashi, sai na bar ta kamar minti biyar. Ranar Talata da ta tashi na koma taron, ko minti goma ba ta yi ba ta sake mutuwa.

Malam Sali: Wannan na ranar Talata shi ne zinariyar maganarki, kada ki bar shi a waje. Na farko minti ashirin, na biyu ƙasa da goma, domin karo na biyu da zafinta ta fara. Manhajar da ta lalace ba ruwanta da ko ƙarfe ya huce ko bai huce ba. Duk wanda ya san aikin, yana karanta wannan zai daina maganar sabuntawa.

Habu Mai Gyara: Yaya Rabi ba sai an je da nisa ba, ƙura ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ya gama cusa mata ƙura, yanzu zafi ya zo ya tarar da hanyar iska a toshe. A shagona a Marwa kusan kullum sai na buɗe irinta, ka ga ƙura ta yi kamar auduga a bakin fankar. Kawo ta ko ki kai wa wani a nan Garwa ya buɗe ya hura, rabin awa an gama. In ba ki son a buɗe, wajen mai faci ma iskarsa tana fitar da ita.

Malam Sali: Habu, a kan ƙura ina tare da kai, zai fi yiwuwa ita ce. Amma shawarar biyu duka ban yarda ba. Kwamfutar ba ta Rabi ba ce, ta kamfani ce, kuma akwai bayanan kuɗi a ciki. Ranar da aka ga an taɓa kusoshinta, duk abin da ya lalace daga baya a wuyanta za a rataya, ko da shekara ta zagayo. Iskar mai faci kuma tana zuwa da danshi, wani lokaci har da mai, kuma ƙarfinta na juya ƙaramar fankar fiye da kima har ta lalace.

Habu Mai Gyara: Na yarda da maganar mai faci, ni ma a shago riƙe fankar nake yi kafin in hura. Amma Malam ka san kafin kaya su je Duwala su dawo an yi sati uku. Da me za ta yi aiki?

Malam Sali: Shi ya sa za ta nemi izini a cikin saƙon. Ko su aiko mata ta aro, ko su rubuto cewa sun yarda a buɗe a nan. In izinin yana rubuce, ka ga ba ruwanta.

Hajiya Dudu: Rabi bari in tsoma baki, don ni ma na ga irin wannan bara a Ngawundare, kuma garinmu ma ba shi da zafin Garwa. Tawa ita ma mutuwa take yi a taro, ni ma na ce zafi ne, har na sayi faranti mai fanka da ake ɗora ta a kai. Ashe batir ne ya kumbura. Abin da ya tona shi, wurin da ake goga yatsa ya taso sama, ya daina dannuwa, kuma in na ajiye ta a tebur tana ɗan rawa. Ki duba taki. In kin ga haka kada ki sake sa mata caja, kada ki danna wurin, batir mai kumburi yana iya kamawa da wuta.

Rabi: Hajiya na duba yanzu, a shafe take, ba inda ya taso, murfin ƙasa ma a haɗe yake.

Malam Sali: Madalla, wannan ma ki rubuta: na duba, ba alamar kumburi. Maganar Hajiya ta kawo mu inda ya kamata. Galibi abu biyu ne ke kashe kwamfuta baƙi ƙirin ba gargaɗi: zafi, ko yankewar wuta daga batir ko caja. Taron bidiyo kuwa yana tsokano su duka biyun, domin a lokaci ɗaya kyamara na ɗauka, ana matse hotonki ana aikawa, ana kwance hotunan mutum goma ana nunawa, in kin ɓoye bayan ɗakinki kuma wani aikin ne a kai. Batir da ya gaji yana iya nuna kashi 40 amma ya kasa ɗaukar wannan nauyin, ya faɗi nan take. Saboda haka tilas saƙonki ya raba su. Danna Windows+R ki rubuta `cmd`, a baƙar tagar da za ta buɗe ki rubuta wannan:

```
powercfg /batteryreport
```

Zai gaya miki inda ya ajiye rahoton. A sama-sama za ki ga lamba biyu, ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yanzu in ya cika.

Rabi: Na gani. Na farko 42,000 mWh da ɗan wani abu, na biyu kusan 33,000.

Malam Sali: Wato yana riƙe da kusan kashi 78 cikin ɗari. Ya tsufa kaɗan amma ba matacce ba ne. Bai wanke shi gaba ɗaya ba, sai mun ga ta mutu alhali tana jikin caja kuma akwai wuta.

Usmanu: Ni a ganina duk wannan dogon zance ne. Ta sa manhajar auna zafi, ta ɗau hoton lambar ta tura musu. In sun ga digiri 98 ai magana ta ƙare. Ko kuma ta duba a Task Manager.

Malam Sali: Task Manager ba ya nuna zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Usmanu. Manhajar auna zafi kuwa gaskiyarka, lambar tana da amfani, amma yawancin kwamfutocin kamfani a kulle suke, ba ka iya sa komai sai da izininsu, in ma ka iya, ka karya dokar wurin. Sai dai ta ce musu su sa mata, ko su shigo daga nesa su duba.

Amma akwai abin da yake nunawa wanda ya kusa kai wannan. Rabi, taki da Faransanci take ko? Danna Ctrl+Maj+Échap, Gestionnaire des tâches, wato Task Manager ɗin, zai buɗe, ki je Performance, ki zaɓi Processeur, ki sa ido a kan Vitesse. Firosesa ba ta mutuwa haka kawai. In ta kusa iyakarta, wadda a yawancin na wannan zamani wajen digiri 100 ce, sai ta fara rage gudu don ta huce. Sai ragewar ta kasa sannan ta yanke wuta don kada ta ƙone. To in kika ga aiki ya yi yawa amma gudun yana sauka, daga wajen 3 GHz zuwa ƙasa da 1, murya ta fara karkarwa, wannan shi ne sawun zafi. Ki ɗau hotonsa da wayarki, don kwamfutar na iya mutuwa kafin ki ajiye komai.

Usmanu: To na karɓa. Amma akwai dabarar da nake yi a tawa: a saitin wuta in mayar da iyakar firosesa kashi 99 maimakon 100. Zafi yana raguwa sosai.

Malam Sali: Tana aiki a kwamfutoci da yawa, don tana hana firosesa yin tsallen gudu. Amma kada ta yi yanzu. In ta rufe ciwon kafin likita ya gani, za a ce ta warke. Bayan ta tara shaida, in saitin ba a kulle yake ba, ta iya yi don ta samu ta wuce taro.

Zainabu: Ina da tambaya a gefe. Ɗakin da kike zama akwai na'urar sanyaya ɗaki?

Rabi: Akwai, amma ta lalace tun Maris, fankar sama kaɗai muke da ita. Da rana ɗakin kamar tanda. Gaskiya ban so in ambaci wannan ba, kada su ce ai laifin ɗaki ne su wanke hannunsu.

Zainabu: Nima abin da nake tsoro ke nan. A wajenmu a Injamena da ka ce ɗaki da zafi sai a ce to ka koma wuri mai sanyi, an gama da kai.

Malam Sali: Na fahimci tsoron, amma ni dai ra'ayina ta faɗa. Masu ƙera kwamfutocin nan galibi suna rubuta cewa an yi su don aiki a iskar da ba ta wuce digiri 35 ba. Garwa a Afrilu kuwa ana haura 40 da rana. In ta ɓoye, za a kai kwamfutar Duwala, a kunna ta a ɗaki mai sanyi, ta yi awa biyu lafiya lau, a dawo mata da ita an rubuta ba a ga matsala ba. Na sha yin wannan da hannuna ga mutane, don ba wanda ya gaya mini inda suke zama.

Abin da zai hana su wanke hannu shi ne kwatance. Rabi, mutum nawa ne a ɗakin, kuma kwamfutocinsu irin taki ne?

Rabi: Mu uku ne. Biyu iri ɗaya da tawa, tare aka ba mu. Tasu tana zafi amma ba ta taɓa mutuwa ba, kuma taro ɗaya muke shiga.

Malam Sali: Shi ke nan. Ɗaki ɗaya, taro ɗaya, iri ɗaya, taki kaɗai ke faɗuwa. Zafin ɗaki ya taimaka, amma akwai abin da ke damun taki ita kaɗai.

Zainabu: Wannan hujja ce mai kyau. Amma wanda yake shi kaɗai a ofis fa, ba wanda zai kwatanta da shi? Ni har yanzu ina ganin ya dogara da irin mutanen da kake hulɗa da su.

Malam Sali: Sai ya kwatanta safe da rana, ko bana da bara. Ban ce kullum za a yi maka adalci ba.

Rabi: Barkanmu da yamma. Na yi gwajin yau, wata abokiyar aikina ta riƙe mini kira. Da safe ƙarfe bakwai da rabi, kyamara a kunne, tana jikin caja: minti 50, ba ta mutu ba, amma fankar na ta kuka. Ƙarfe biyu, akwai wuta, tana jikin caja, batir a cike, a kan teburin katako, kyamara a kunne da ɓoye baya: a minti na 17 gudun ya sauka zuwa 0.8 GHz, na ɗau hoto, a minti na 23 ta mutu, ƙarfe 2:24 daidai. Na bar ta ta huce, ƙarfe huɗu na ɗaga bayanta da littafi na kashe kyamara: awa ɗaya lafiya. Wani abin da na lura, na sa hannu a ramin da iska ke fita, tawa iskar kaɗan ce ƙwarai duk da ƙarar fankar, ta maƙwabciyata kuwa har tana kaɗa takarda.

Habu Mai Gyara: Na faɗa! Fanka na kuka iska ba ta fita, bango ne na ƙura a gaban ƙarfen jan zafi.

Malam Sali: Allah ya yi miki albarka, wannan aiki ne. Batir ya fita daga zargi sosai, tunda a cike yake kuma ga caja. Saura shaidar da Windows ta rubuta da kanta. Danna Windows+R ki rubuta `eventvwr`, ki shiga Journaux Windows, sannan Système, ki danna Filtrer le journal actuel, ki sa waɗannan lambobin:

```
41,86,6008
```

Rabi: Akwai 41 daga Kernel-Power da 6008, na yau da na sauran ranakun, duka biyar. Amma 86 babu ko ɗaya. Wato ba zafi ba ne?

Usmanu: Ai 41 ɗin ma ya isa, shi ne alamar zafi.

Malam Sali: A'a Usmanu. 41 cewa kawai yake yi kwamfuta ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba. Ko ka danne madanni da hannunka za ka same shi. 86 ne ke faɗin zafi ƙarara, amma sai in Windows ce ta ga zafin ta kashe da kanta. Sau da yawa firosesa ce ke yanke wuta kafin Windows ta samu damar rubuta komai, sai 41 kaɗai ya rage. Rashin 86 bai wanke zafi ba, samunsa ne da ya rufe bakin kowa. Buɗe 41 na yau, ki duba Détails, me aka rubuta gaban BugcheckCode?

Rabi: 0.

Malam Sali: Wato ba shuɗin allo ba ne, Windows ba ta rubuta kuskuren manhaja ba. Ya dace da abin da idonki ya gani. Yanzu rubuta saƙon. Lambar kwamfutar tana kan takardar da ke manne a ƙasanta, ki sa ta a sama. Kada ki ce musu "ƙura ce", ki faɗi abin da kika gani ki bar musu hukunci. Mai gyara ba ya son a yanke masa cuta daga nesa, kuma in kika ce ƙura aka buɗe ba ita ba ce, sauran maganarki ta yi rauni.

Rabi: Ga shi, in kun amince sai in mayar da shi Faransanci.

"Take: Kwamfuta na mutuwa gaba ɗaya a taron bidiyo, sau 5 cikin mako biyu, ofishin Garwa.

Barka da aiki. Wannan ci gaba ne a kan tikitina na baya, na yi sabuntawar da kuka ce, matsalar na nan. Lambar kwamfutar tana haɗe a hoto. A taron bidiyo na rana tana mutuwa bayan minti 20 zuwa 25: allo baƙi, ba shuɗin allo, ba ta sake tashi da kanta, sai ta huce kamar minti biyar. In na koma taro nan take, ba ta kai minti goma. Yau ta mutu ƙarfe 2:24 tana jikin caja, batir a cike, a kan tebur. Minti shida kafin nan gudunta ya sauka zuwa 0.8 GHz. Da safe ta yi minti 50 lafiya, da yamma ba kyamara ta yi awa ɗaya. Fanka na ƙara sosai amma iska kaɗan ke fita. Na'urar sanyaya ɗakinmu ta lalace, amma kwamfutoci biyu irin tawa a ɗaki ɗaya da taro ɗaya ba sa mutuwa. Batir bai kumbura ba, yana riƙe kusan kashi 78. Akwai Kernel-Power 41 mai BugcheckCode 0 a duk ranakun, babu 86. Ban buɗe ta ba, ban sa wata manhaja ba. Ina da taron rufe lissafi ranar Alhamis mai zuwa. Ina roƙon ko dai ku aiko mini da ta aro in turo wannan, ko ku ba ni izini a rubuce a duba ta a nan Garwa. Za ku iya shiga daga nesa kowace rana daga ƙarfe biyu, lokacin ne take yi."

Hajiya Dudu: Ya yi kyau ƙanwata. Amma ki kwashe aikinki zuwa ma'ajiyar kamfani tun yau. Ni da aka karɓi tawa, a goge ta dawo.

Zainabu: Ni da zan cire maganar 86. Wanda bai sani ba zai ce to ai ba zafi ba ne.

Malam Sali: Zai gani da kansa in ya shiga, gara ya ji daga bakinta. Abu ɗaya kawai zan gyara: ki dawo da roƙon da ranar Alhamis ɗin sama, bayan jimla ta biyu. Mai tikiti talatin a gabansa ba lallai ya kai ƙarshe ba.

Rabi: Na gyara, na bar 86 ɗin, na tura, na sa shugaban sashenmu a kwafi.

Rabi: Jama'a, masu gyaran Duwala sun amsa da safen nan. Wani ya shigo daga nesa ƙarfe biyu, ya sa abin auna zafi, cikin minti goma sha biyar ya ga 97 yana hawa, ya ce in fita daga kiran. Ta aro za ta taso a motar Litinin. Buɗewa a nan kuwa sun ƙi, wai har yanzu tana cikin garanti. Ya ce yana zargin ko ƙura ko man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen jan zafi ya bushe, sai an buɗe.

Habu Mai Gyara: Ƙura ce. In man ne, iska za ta fito da ƙarfinta, sai dai ba ta da zafi sosai. Ke kuwa kin ce ba ta fitowa. In sun buɗe ki ce su turo miki hoto.

Malam Sali: Kwamfuta mai shekara biyu a Garwa tana iya haɗa duka biyun, Habu. Rabi, kafin Litinin ki shiga taro ba kyamara, bayanta a ɗage, in za ki yi magana mai tsawo ki shiga da waya a gefe.

Rabi: To Malam. Zan tambaye su hoton.